Nasiha Ga Matasa: Kafin Ka Mayar Da Lambobin Unix Kwanan Wata

Ya ku ƙannena da kuka fara cin abinci da rubuta manhaja, akwai wani ɗan aiki da zai same ku ko ba jima ko ba daɗe. Za a miƙo muku fayil mai ɗauke da dogon jerin lambobi irin su 1700000000, a ce kowace lamba lokaci ce, a nemi ku mayar da su kwanan wata da ƙarfe nawa, yadda mai shago ko akawu zai iya karantawa. Umarnin da ke yin wannan bai wuce layi biyar ba, shi ya sa da yawanku kan kwafo shi, su ga kwanan wata ya fito, su rufe kwamfuta. Ni kuwa ina so ku dakata a kansa, domin irin aikin nan ne da kuskurensa ba ya ihu. Kwanan wata zai fito tsaf, kyakkyawa, alhali ba shi ba ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, lambar ba ta faɗin komai game da kanta. Ba ta faɗin ko sakan take ƙirgawa ko milisakan, ba ta kuma faɗin da agogon wane gari za a karanta ta. Waɗannan tambayoyi biyu ku ne za ku amsa su. Idan kuka yi shiru, kwamfuta za ta amsa muku da abin da ta ga dama, ba kuwa za ta sanar da ku ba.

Mu fara da sanin mece ce lambar. Lokacin Unix ƙirge ne na sakan-sakan da suka shuɗe tun daga ƙarfe goma sha biyun dare da ya buɗe ranar 1 ga Janairu, 1970, bisa agogon duniya da ake kira UTC. A wannan ƙirge kowace rana sakan 86400 ce, wato awa 24 sau minti 60 sau sakan 60. Babu wata a ciki, babu shekara, babu sunan gari. Duk wanda ya san wannan zai iya fitar da kwanan wata da biro da takarda, kuma ina roƙonku ku yi hakan ko da sau ɗaya ne, domin wanda ya taɓa yi da hannunsa yana da abin da zai auna amsar kwamfuta da shi.

Ga yadda ake yi da 1700000000. Raba ta da 86400, za ka samu kwana 19675 cif, da ragowar sakan 80000. Ragowar nan ita ce lokacin cikin yini: awa 22 sun cinye sakan 79200, saura 800, wato minti 13 da sakan 20. Ke nan ƙarfe 22:13:20. Sai kwanakin. Daga farkon 1970 zuwa farkon 2023 shekara 53 ne, idan aka ninka da 365 za a samu 19345. A tsakanin akwai shekaru 13 da Fabrairu ya yi kwana 29, daga 1972 zuwa 2020, sai a ƙara su ya zama 19358. Cire wannan daga 19675, saura kwana 317 da suka cika a cikin 2023. Daga Janairu zuwa ƙarshen Oktoba kwana 304 ne, saura 13 da suka cika a Nuwamba, muna cikin na goma sha huɗu. Amsa ita ce 14 ga Nuwamba, 2023, ƙarfe 22:13:20 a agogon UTC. Ku haddace wannan lamba da amsarta. Duk lokacin da kuka rubuta sabon umarni na juya lokaci, ku fara ba shi ita kafin ku ba shi fayil ɗin mutane.

Yanzu mu ɗauki aiki irin wanda zai zo muku. A ce wani kantin magani a Kano yana karɓar oda ta waya dare da rana, an fitar muku da bayanan ciniki, kuma a layin lokaci akwai waɗannan lambobi huɗu:

```
1700000000
1704065400
1700040600000
0
```

Kafin ku taɓa komai, ku ƙirga alƙaluman kowace lamba. Ta farko da ta biyu alƙaluma goma ne, ta uku goma sha uku. Lokacin Unix da ake ƙirgawa da sakan ya shiga alƙaluma goma a ranar 9 ga Satumba, 2001, kuma zai zauna a haka har shekarar 2286. Saboda haka duk lambar zamaninmu mai alƙaluma goma sakan ce. Mai goma sha uku milisakan ce, wato an raba kowane sakan gida dubu. Haka JavaScript ke ƙirga lokacinsa, shi ya sa bayanan da suka fito daga shafin intanet kan zo da goma sha uku. Idan kuka ga goma sha shida, an raba sakan gida miliyan ne. Jeri ɗaya kan zo da nau'i biyu a gauraye idan wurare biyu ne ke zuba bayanai a cikinsa, kamar yadda ya faru a misalinmu.

Kuskuren ma'auni yana da alamomi biyu, ku san su kamar yadda kuka san sunanku. Idan aka ɗauki milisakan a matsayin sakan, lokacin zai yi tsalle zuwa shekarar da ta haura dubu hamsin da biyar. Python ba ya wuce shekara ta 9999, don haka zai tsaya ya nuna kuskure, kuma wannan rahama ce, domin ya tashe ku. Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari. Idan aka ɗauki sakan a matsayin milisakan, babu abin da zai tsaya. Ka ba JavaScript 1700000000 kai tsaye, zai ɗauka sakan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai ne kawai suka wuce, ya ba ka 20 ga Janairu, 1970. Duk ranar da kuka ga bayanan bana sun taru a cikin Janairun 1970, kada ku tsaya neman dalili a wani wuri: ana bukatar ninka lambar da 1000.

Sai lamba ta huɗu, sifili. A lissafi sifili lokaci ne halastacce, shi ne daidai farkon ƙirgen. Amma kantin maganin bai sayar da komai a 1970 ba. Abin da ya faru shi ne an bar gurbin fanko, wata manhaja a hanya ta cike shi da sifili. Idan kuka juya shi da agogon Najeriya zai fito 1 ga Janairu, 1970, ƙarfe ɗayan dare, ya shiga rahoto ya zauna kamar gaskiya. Irin wannan layi ba juya shi ake yi ba, ware shi ake yi a nuna wa mai bayanan. Kada kuma ku share shi a ɓoye, domin cinikin da ke wannan layi ya faru, lokacinsa ne kawai ya ɓace, kuma mai kanti ne ke da hakkin yanke abin da za a yi da shi.

Tambaya ta biyu ita ce ta agogo, kuma a nan ne na fi so ku natsu. Idan aka zura ƙwallo a raga a wasan da ake haskawa kai tsaye, mai kallo a Kano da na Akara da na Khartum duk a lokaci ɗaya suke tashi tsaye, amma agogon bangon kowannensu daban yake nunawa. Lambar Unix ita ce lokacin shigar ƙwallon. Rubutun da za ku fitar kuwa agogon bango ne, dole ku zaɓi na wane gida. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaban UTC da awa ɗaya. Gana tana daidai da UTC. Sudan tana gaba da awa biyu, Saudiyya da awa uku.

Dubi lamba ta biyu, 1704065400. A agogon UTC ita ce 31 ga Disamba, 2023, ƙarfe 23:30. A Kano kuwa sha biyu da rabi ne na daren da ya shiga 1 ga Janairu, 2024. Awa ɗaya tak ce ta bambanta su, amma ta sauya rana, ta sauya wata, ta sauya shekara. Idan kuka juya jerin da agogon UTC, wannan ciniki zai faɗa cikin lissafin shekarar da ta wuce, jimillar Disamba ta haura abin da ke littafin mai kanti, ta Janairu ta gaza. Akawu zai kwana yana neman kuɗin da ba su ɓace ba, wataƙila ma a fara zargin yaron kanti. Alamar wannan kuskure ita ce jimillar rana-rana ba ta daidaita da ta littafi, amma idan aka haɗa dukkan kwanakin bambancin ya kusan ɓacewa, kuma duk layukan da suka sauya gida na tsakanin sha biyun dare ne da ƙarfe ɗaya.

Ga umarnin da ya amsa tambayoyin biyu a fili, a harshen Python:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo

agogo = ZoneInfo("Africa/Lagos")
jeri = [1700000000, 1704065400, 1700040600000, 0]

for asali in jeri:
    if asali <= 0:
        print(asali, "babu lokaci")
        continue
    sakan = asali / 1000 if asali > 10**11 else asali
    d = datetime.fromtimestamp(sakan, tz=agogo)
    print(asali, d.strftime("%Y-%m-%d %H:%M:%S %z"))
```

Abin da zai fito shi ne:

```
1700000000 2023-11-14 23:13:20 +0100
1704065400 2024-01-01 00:30:00 +0100
1700040600000 2023-11-15 10:30:00 +0100
0 babu lokaci
```

Layin farko ya yi daidai da lissafinmu na hannu, an ƙara masa awa ɗaya ta Najeriya. Da wannan kun san umarnin yana kan hanya.

Wurin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne `tz=agogo`. Idan kuka cire shi, umarnin zai ci gaba da aiki, sai dai zai yi amfani da agogon kwamfutar da yake gudana a kanta. A kwamfutarka ta Kano komai zai fito daidai, ka miƙa aiki da farin ciki. Ranar da aka ɗora shi a kan sabar da aka saita da UTC, kamar yadda aka saba saita su, kowane layi zai koma baya da awa ɗaya ba tare da an sauya ko harafi ɗaya ba. Wannan ne ya sa matashi kan rantse cewa a wurinsa yana aiki, kuma gaskiya yake faɗi, amma gaskiyar ba ta gyara rahoton ba. Ku rubuta sunan yankin da hannunku a kowane lokaci. `zoneinfo` yana cikin Python tun daga 3.9. Idan a Windows kuke kuma ya ce bai san yankin ba, ku shigar da bayanan yankuna da `pip install tzdata`.

Wani zai ce, tunda Najeriya awa ɗaya take gaba, me ya sa ba zan ƙara sakan 3600 a kan lambar in huta ba? Ga bayanan Najeriya kaɗai amsar za ta fito daidai, domin ba ma sauya agogo da rani ko damina. Amma ɗabi'a ce da za ta cuce ka ranar da aiki ya ƙetare iyaka. Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka Landan da Kano agogonsu ɗaya a watan Yuli, amma a Janairu Kano na gaba da awa guda. Gwamnatoci kuma kan sauya agogon ƙasa dungurum. Sudan tana gaban UTC da awa uku har zuwa 1 ga Nuwamba, 2017, sannan ta dawo awa biyu. Lambar 1500000000 ta faɗo ne ranar 14 ga Yuli, 2017, ƙarfe 02:40 na UTC. Agogon Khartum a wannan rana 05:40 ya nuna. Wanda ya ƙara awa biyu bisa abin da ya sani yau zai rubuta 04:40, ya yi kuskure. Sunan `Africa/Khartoum` yana ɗauke da wannan tarihi, lambar da ka ƙara da hannu ba ta ɗauke da shi. Ban da wannan, lambar da aka ƙara wa 3600 ta daina zama lokacin Unix na gaskiya, kuma idan ta faɗa hannun wani ya sake juya ta da agogon Najeriya, an ƙara awa biyu ke nan.

Dabarar nan ta `10**11` da na sa don rarrabe sakan da milisakan, ku san iyakarta. Tana aiki ne saboda lambar sakan ba za ta kai girman nan ba sai bayan shekara dubu uku, lambar milisakan kuwa ta wuce shi tun watan Maris na 1973. Ga bayanan ciniki na zamanin nan ba ta da matsala. Amma idan jerin na ranakun haihuwa ne, za ta ruɗe ku: wanda aka haifa a 1972 lambarsa ta milisakan ba ta kai iyakar ba, wanda aka haifa kafin 1970 kuwa lambarsa ƙasa da sifili take, kuma halastacciya ce, bai kamata a ware ta ba. Saboda haka dabara ba ta maye gurbin tambaya. Ku je wurin wanda ya ba ku fayil ku tambaye shi daga ina lambobin suka fito. Tambaya ba ta rage wa mai sana'a daraja.

Sai siffar rubutun da za a fitar. A cikin `strftime` ƙaramin `%m` wata ne, babban `%M` minti ne. Wanda ya musanya su zai ga kwanan wata kamar 2023-13-14, kuma idan mintin bai wuce 12 ba, ba zai ma lura ba. `%H` yana ƙirga awa har 23. `%I` kuwa yana tsayawa a 12, kuma idan aka sa shi ba tare da `%p` ba, ƙarfe goman safe da goman dare za su zama abu ɗaya. Ku guji rubutu irin 03/04/2024 idan fayil zai bar hannunku, domin mu 3 ga Afrilu muke karantawa, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Siffar da ke fara da shekara, sai wata, sai rana, wadda ma'aunin ISO 8601 ya tsara, ba ta da wannan ruɗani. Ku bar `+0100` ɗin nan a ƙarshe, shi ne shaidar agogon da aka yi amfani da shi, kuma da shi ne wani zai iya komawa ga lambar asali ba tare da zato ba.

Idan kuwa mai karatu Bahaushe ne da ke son ganin sunan rana da wata, kada ku dogara ga `%B` da `%A`, domin suna bin harshen da aka saita kwamfutar da shi, galibi Turanci za su ba ku. Ku rubuta sunayen da kanku:

```python
ranaku = ["Litinin", "Talata", "Laraba", "Alhamis",
          "Juma'a", "Asabar", "Lahadi"]
print(ranaku[d.weekday()], d.day)
```

A Python `weekday()` yana ba Litinin sifili, shi ya sa jerin ya fara da ita. Na watanni ma haka za ku yi, sai dai ku tuna `d.month` daga 1 yake farawa, jeri kuwa daga sifili, don haka `d.month - 1` za ku sa. Ku gwada da lambarmu ta farko: Talata ya kamata ta fito.

Waɗanda aikinsu ke cikin Excel ma ba a bar su a baya ba. Excel kwana yake ƙirgawa, kuma 1 ga Janairu, 1970 ita ce rana ta 25569 a ƙirgensa na yau da kullum. Idan lambar sakan tana `A2`, wannan zai ba da lokacin Najeriya, sai a saita gurbin ya nuna kwanan wata da lokaci:

```
=A2/86400+25569+1/24
```

Wannan `1/24` ita ce awa ɗayar da aka ƙara da hannu, don haka duk gargaɗin da na yi a baya ya hau kanta. Akwai kuma wani tarko. Excel kan nuna lamba mai alƙaluma goma sha uku a taƙaice, 1700040600000 ta koma `1.70004E+12`. Idan aka adana fayil ɗin CSV a haka, abin da ke kan allo ne zai shiga fayil, alƙaluman ƙarshe su tafi. Cinikin ƙarfe 10:30 zai dawo 10:20, kuma babu hanyar dawo da mintunan goma sai an koma ga fayil na asali. Idan kuka ga lambobi da yawa a jeri sun ƙare da sifili bakwai, ku yi zargin hakan ta faru, ku nemi a sake fitar muku da bayanan.

Wannan ya kawo mu ga ɗabi'ar da nake so ta zame muku jiki. Kada ku taɓa goge lambar asali bayan kun juya ta. Ku bar ta a layinta, rubutun da kuka fitar ya zauna a gefenta, kamar yadda umarninmu ya buga su tare. Duk wani lissafi, ko jerantawa daga na farko zuwa na ƙarshe, ko auna tazarar da ke tsakanin ciniki biyu, a kan lamba za ku yi shi, bayan kun mayar da duka jerin ma'auni ɗaya. Ku lura a misalinmu: idan aka jeranta lambobin yadda suka zo, ta milisakan za ta zama ta ƙarshe saboda girmanta, alhali cinikin Nuwamba ne, ya riga na Janairu. Juyawa zuwa rubutu shi ne mataki na ƙarshe, ana yin sa ne don idon mutum.

Kafin ku miƙa aiki, ku duba mafi ƙanƙantar lokaci da mafi girma a jerin, ku ga ko sun faɗo cikin watannin da ake magana a kai. Ku ƙirga layukan da suka shiga da waɗanda suka fito, har da waɗanda kuka ware. Sannan ku ɗauki ciniki ɗaya da ke da rasit na takarda ko saƙon banki, ku gwada lokacinsa da abin da kuka fitar. Idan bambancin awa ɗaya ne cif, matsalar agogo ce. Idan shekaru ne, matsalar ma'auni ce. A saman rahoton kuma ku rubuta jimla ɗaya da ke faɗin cewa lokutan nan na agogon Najeriya ne, an juyo su daga sakan ɗin Unix.

Mai kantin da zai karɓi wannan rahoto ba zai taɓa buɗe umarninku ba, ba shi ma da hanyar gane ko kun yi daidai. Da kwanan watan da kuka rubuta zai rufe littafin shekara, da shi zai raba gardama tsakaninsa da abokin ciniki, wani lokaci da shi za a wanke ma'aikaci ko a kore shi. Amana ce aka ba ku a wurin da babu mai duba ku, kuma minti goman da za ku ɓata wajen tantance ma'auni da agogo su ne cika ta. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.